Garwashin da Ya Kwana a Ɗaki

Duk wanda ya taso a gidan da ake girki da itace ya san yadda hayaƙi yake korar mutum. Ido ya yi ja, hawaye su zubo, tari ya sarƙe, dole a ɗaga labule ko a fice tsakar gida. Mun daɗe muna tsine wa hayaƙin nan, amma a wani ɓangaren shi ne mai yi mana gargaɗi. Gawayi kuwa an riga an ƙone masa hayaƙinsa tun a daji, a ramin da aka binne itacen. Abin da ya iso kasuwa wuta ce mai tsabta a ido, ba ta baƙanta tukunya sosai, ba ta sa kuka. Wannan tsabtar ce take sa mace mai hankali, wadda ba za ta taɓa hura itace a ɗakin kwana ba, ta ɗauki kurfoti mai jan garwashi ta shiga da shi inda 'ya'yanta suke barci, ta ja ƙofa.

Tun da gas da kananzir suka yi tsada, gidaje da yawa a Kano, Kaduna, Zariya, Maraɗi da Damagaram sun koma wa gawayi. Ba laifi ba ne, kuma ban zo in ce a daina ba, don na san abin da aljihu yake iya ɗauka. Maganata a kan sa'o'in da ke biyo bayan girki ce, lokacin da aka sauke tuwo, aka ci, aka wanke hannu, garwashi kuma bai mutu ba. A nan ne yawancin ɓarnar take faruwa.

Idan gawayi yana ci, yana haɗuwa da iskar oksijin da ke cikin ɗaki. In iskar ta wadata kuma wutar tana da ƙarfi, yawancin abin da yake fitowa iskar kabon dayoksaid ce, irin wadda mu ma muke fitarwa da numfashi. In iskar ta yi ƙaranci, ko wutar ta lafa, ƙonewar ba ta kammala, sai a samu wata iska daban, kabon monoksaid, wadda masana suke rubutawa da CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari. Wanda ya taɓa lura da ɗan harshen wuta shuɗi-shuɗi da ke rawa a saman gawayi lokacin da ake fifita, to ya ga wannan iskar tana ƙonewa. Da zarar an daina fifita, harshen ya ɓace, garwashi ya koma ja shiru toka na rufe shi, iskar ba ta daina fitowa ba. Abin da ya daina shi ne ƙone ta. Saboda haka garwashin da muke cewa "ya huce" ko "ya gama hayaƙi" bai zama lafiyayye ba. Wanda aka lulluɓe da toka don ya kai asuba ma haka: an rage masa iska, an tsawaita masa rai, zai kwana yana sakin guba a hankali.

A cikin jininmu akwai wani sinadari, himoglobin, wanda yake ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Kabon monoksaid tana manne wa wannan sinadarin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Kamar motar haya ce da wasu fasinjoji suka cika kujerunta suka ƙi sauka: motar tana ta zagaya gari, amma masu haƙƙin tafiya suna tsaye a bakin titi. Mutum yana numfashi daidai, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ba ya jin an shaƙe shi, alhali ƙwaƙwalwarsa tana yunwar iska. Wannan ne ya sa mai barci ba ya farkawa. Abin da yake tayar da mutum firgigit idan bargo ya rufe masa fuska shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini, ita kuwa wannan gubar ba ta taɓa wancan ƙararrawar ta jiki. Barcin ne kawai yake ƙara nauyi.

Bari mu yi lissafi da ɗaki irin wanda kowa ya sani. Ɗakin haya ne na bulo da siminti, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, tsayinsa mita 3, da silin, da ƙofar ƙarfe, da taga ta gilashi mai zugewa. Iskar da ke cikinsa lita 36,000 ce. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, irin daren da sanyi yake sauka ƙasa da digiri 15 a Kano, a Jos kuma ya fi haka tsanani. Maigida da matarsa da yara uku, ƙaraminsu jariri ne ɗan wata biyu. An liƙe tagar da leda saboda ƙura, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Uwar ta dafa wake a bakin ƙofa, ta ga sauran garwashi mai kyau, ta ce asara ce a kashe shi, ta ƙara ɗan gawayi a kai ta shigo da shi don jaririn ya ji ɗumi. A ce gaba ɗaya rabin kilo ne.

Kilo ɗaya na gawayi yakan saki kimanin giram 200 na kabon monoksaid, ya ɗan fi ko ya ɗan gaza, gwargwadon irin gawayin da murhun. Rabin kilo ke nan giram 100, wanda in aka auna shi a matsayin iska ya haura lita 80, wato cikin jarka huɗu masu cin lita 20. Jarka huɗu a cikin lita 36,000 kamar ba komai ba ne. Amma ana auna wannan guba ne da kashi cikin miliyan, kuma lita 80 a wannan ɗakin ta haura kashi 2,000 cikin miliyan. Babu ɗakin da yake rufe ruf, don haka a ce rabi ya sulale ta kafofin ƙofa da silin. Saura kashi 1,000 da ɗoriya.

Ga ma'aunin da za a gwada shi da shi. A kashi 200, babban mutum mai lafiya yakan fara ciwon kai bayan awa biyu zuwa uku. A kashi 400, ciwon kan yana zuwa da wuri, kuma in an wuce awa uku rai yana cikin haɗari. A kashi 800, jiri da tashin zuciya suna farawa kafin awa ɗaya ta cika, mutum yana iya suma cikin awa biyu, mutuwa kuma ba ta da nisa daga nan. Iyalin nan sun kwanta ƙarfe goma na dare, kiran sallar asuba kuma sai bayan biyar. Awa bakwai ke nan a cikin iskar da awa uku ta isa ta kashe.

Wajen sha biyu yarinyar mai shekara shida ta farka tana kuka kanta yana sara, ta yi amai. Uwar ta tashi da ƙyar, ita ma kanta kamar an ɗora mata dutse. Ta taɓa mijin.

"Maigida, tashi ka ga yarinyar nan. Ni ma jiri nake ji."

"Waken nan ne bai karɓe mu ba," ya ce, bai ko buɗe ido sosai ba. "Ki ba ta ruwa. In Allah ya kai mu safe a sayo na zazzaɓi."

Wannan ita ce dama ta ƙarshe da daren ya ba su, kuma yawanci a nan ake rasa ta. Gubar tana fara dushe tunani kafin ta kayar da jiki. Mutumin da da rana zai ce "ku buɗe ƙofa" nan take, a wannan lokacin abin da ransa yake so kawai ya koma ya kwanta. Wani ma yakan gane akwai matsala, ya yunƙura, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, a same shi da safe a yashe tsakanin gado da ƙofa. Haka ya faru da shahararren marubucin Faransa Emil Zola a birnin Paris a watan Satumba na 1902. An hura musu wutar kwal a ɗakin kwana alhali bututun hayaƙin ya toshe. Shi da matarsa suka farka cikin dare ba su jin daɗi, suka ɗauka abincin dare ne ya ɓata musu ciki, ba su tashi kowa ba. Da safe aka same shi a ƙasa ya rasu, ita kuma a sume a kan gado, ta rayu.

Na kawo labarinsa ne saboda abu biyu da suke maimaituwa a wajenmu: zargin abinci, da kuma rayuwar wani bayan wani ya tafi. Idan aka fasa ƙofa aka tarar da mutum biyar, uku sun rasu biyu suna numfashi, zuciya takan tafi wajen sammu, ko guba a abinci, ko mutanen ɓoye. Ana iya kallon wadda ta yi girkin da wani ido, ita da ta rasa 'ya'yanta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin bambancin yana da bayani. Jariri da ƙaramin yaro suna numfashi da sauri fiye da babba, suna kwasar gubar da wuri. Ɗan da ke ciki ya fi uwarsa shiga haɗari, domin jininsa ya fi riƙe gubar kuma ya fi jinkirin sakinta, har uwa tana iya farfaɗowa cikin ya lalace. Mai ƙarancin jini, da mai amosanin jini, da dattijo mai ciwon zuciya, dama kujerun motarsu ba su da yawa. Wanda kuma ya kwanta kansa kusa da kafar ƙofa yana iya samun 'yar iskar da ta raba shi da sauran. Kafin a tuhumi kowa, a duba ko akwai kasko ko kurfoti a ɗakin, ko da toka ce kawai ta rage a ciki.

Ta yaya za a bambanta wannan da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, tunda duk suna zuwa da ciwon kai da amai da kasala? Alama ta farko ita ce mutane da yawa a ɗaki ɗaya sun kamu a lokaci guda. Zazzaɓin cizon sauro ba ya kama mutum biyar a dare ɗaya kamar an buga ƙararrawa. Ta biyu, jiki ba ya zafi. Ta uku, in mutum ya fita waje ya sha iska sai ya ji sauƙi, in ya dawo ɗaki ciwon ya dawo. Akwai matan da suke wayar gari kullum da ciwon kai a lokacin sanyi, ya sake su da hantsi, suna ta shan farasitamol, alhali kaskon da ke kwana a ɗaki ne yake ba su gubar kaɗan-kaɗan. Kyanwa ko kajin da suka kwana a ɗakin ma in an ga sun yi laushi, shaida ce. Jariri kuwa ba zai ce kansa yana ciwo ba: zai ƙi kama nono, ya yi lakwas, ya yi barcin da ya wuce ƙa'ida, a yi ta murna ana cewa ɗumin ya karɓe shi.

Wani zai ce kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki shekara da shekaru, me ya same su? Ɗakinsu ba irin namu ba ne. Bukka da ɗakin jinka suna numfashi ta ko'ina, iska tana ratsa ciyawar rufi, asabari ne a bakin ƙofa. Itace kuma suke hurawa, wanda hayaƙinsa ba ya barin a toshe ko'ina. Mu muka ɗauko al'adar kwana da wuta muka shigo da ita ɗakin siminti mai silin da ƙofar ƙarfe, muka sauya itace da gawayi, sannan muka bi sauran kafofin da leda da tsumma. Ɗakin mai jego ya fi ko'ina haɗa waɗannan duka: an rufe ko'ina don kada iska ta bugi jariri, ga kaskon gasa cibiya, ga na turaren wuta, ga na ɗumama ɗaki, kuma mutum biyun da ke ciki su ne mafi rauni a gidan. Ungozoma da kakar jariri da gwaggon da ta zo zaman jego su ne masu iko da wannan ɗakin, kuma su ne ya kamata maganar nan ta fara isa kunnensu.

Ba hunturu kaɗai ba ne. Da damina, in ruwa ya tsuge, ana jawo murhu cikin ɗaki a ƙarasa miya, a rufe ƙofa saboda feshi. Da azumi ana ɗumama sahur a ɗaki, a yi sallah, a koma barci garwashi yana nan. Maigadi a 'yar rumfarsa ta kwano da kaskon shayi, samari a shago, almajirai a rufaffen zaure, duk hanya ɗaya ce. A gidan haya kuma inda ɗakuna suke haɗe ta saman silin, ko ciki da falo da labule kawai ya raba, gubar tana ƙetarawa wajen wanda bai hura komai ba. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, don haka tana gauraya ta cika ko'ina. Na kan gado bai tsira ba, na kan tabarma ma haka. Hayaƙin janareta ma wannan gubar ce a cikinsa, shi ya sa ba a tayar da shi a ɗaki ko a lungun da ke jikin taga.

Akwai dabaru da ake yi da kyakkyawar niyya waɗanda ba sa hana komai. Ajiye kwanon ruwa kusa da kasko ba ya tsotse gubar, domin ba ta narkewa a ruwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Barbaɗa gishiri ko jefa ɓawon lemo a wuta ƙamshi kawai yake sauyawa. Fanka a rufaffen ɗaki juya gubar take yi. Ɗan buɗe taga kaɗan yana ragewa, amma ba abin dogaro ba ne, don a daren da iska ta tsaya cak ba abin da yake fita, kuma wanda sanyi ya dama cikin dare zai tashi ya rufe. Ko fitar da kaskon kafin a kwanta bai wadatar ba in an mayar da ƙofa nan take. A ɗakin da iskarsa take sauyawa sau ɗaya a awa, bayan awa guda fiye da kashi ɗaya cikin uku na gubar yana nan.

In aka buɗe ɗaki aka tarar da mutane a wannan hali, abu na farko a wangale ƙofa da taga, mai shiga ya ja numfashi a waje, ya jawo su ɗaya bayan ɗaya zuwa fili, kada ya tsaya dube-dube a ciki. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa, don kada amai ya koma masa huhu. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Ba gubar ciki ba ce, babu abin da za su wanke, kuma ɗura wa sumamme abu yana iya shaƙe shi. Wanda ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji in akwai wanda ya iya, a nemi mota. Wanda ya farka kada a sa shi ya yi ta tafiya wai don ya wartsake, domin motsi yana ƙara wa zuciya buƙatar oksijin ɗin da babu. Kowa da ya kwana a ɗakin a kai shi asibiti, har wanda ya ce ya ji sauƙi, musamman mai ciki da yara.

A asibiti, jimla ɗaya tana iya sauya komai: "Da gawayi suka kwana a ɗaki." In ba a faɗa ba, ana iya ɓata lokaci a gwajin zazzaɓi. Ƙari a kan haka, 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ba ta bambanta jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki wannan guba, sai ta nuna 98 alhali mutum yana cikin haɗari. Maganin shi ne oksijin mai yawa ta abin rufe hanci da baki. A iskar waje, sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya bar jini. Da tsantsar oksijin, lokacin yana saukowa zuwa kamar awa ɗaya da 'yan mintuna. Bayan an sallamo mutum ma a ci gaba da lura da shi har kusan kwana arba'in, domin wasu sukan warke sarai sannan daga baya mantuwa ta kama su, ko halinsu ya sauya, ko tafiyarsu ta rikice. In an ga haka, asibiti za a koma, a tuna wa likita abin da ya faru.

Akwai ƙaramar na'ura mai batir da take ƙara idan kabon monoksaid ta taru, an rubuta CO a jikinta, kuma daban take da mai gano hayaƙi. Wanda yake da hali ya rataya ta a ɗakin kwana, ya riƙa duba batirinta da ranar ƙarewar aikinta. Amma yawancin gidajen da na yi wannan rubutu dominsu ba za su saya ba, kuma ba sai da ita ba. Girki a tsakar gida ko a rumfar da gefenta yake buɗe. In ruwa ya tilasta an matso ciki, ƙofa da taga su kasance a wangale har a gama, kuma kada a bar kowa yana barci a ɗakin.

Sauran garwashin da uwar gidan nan ta ji ƙyashin kashewa ba asara ba ne. A yayyafa masa ruwa a waje, a shanya shi da rana, gobe ya sake kamawa. Ko a juye shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi a bar shi a tsakar gida, ya mutu da kansa ya koma gawayi. Kafin a kashe shi kuma ana iya cin moriyar zafinsa: a tafasa ruwa a zuba a gora mai kauri mai murfin kirki, a naɗe ta da zane a sa a ƙarƙashin bargo wajen ƙafafun manya da yaran da suka tasa, ko a gasa bulo a naɗe shi da tsumma mai kauri. Jariri kuwa kada a jingina masa abu mai zafi, fatarsa ba ta jurewa. A sa masa hula da safa, a ƙara masa riga a kan riga, a kwantar da shi kusa da uwarsa fuskarsa a buɗe, kurfotin kuma yana can waje a bakin rariya.